Yadda muka yanke tsawon lokacin ajiye log a kamfaninmu, daga daren da diski ya cika har zuwa zuwan odita

Ina kula da sabobi a wani ƙaramin kamfanin biyan kuɗi a Kano, irin masu raba wa wakilai na'urar POS. Shekara biyu ina wannan aiki ba wanda ya taɓa tambayata kwana nawa muke ajiye log, wato rubutun da kowace manhaja da kowace saba ke yi na abin da ya faru a cikinta. Ni ma ban taɓa tambayar kaina ba. Komai yana kwarara cikin Elasticsearch, manhajar da ke tara log don a bincika shi, a kan diski mai tera 8 da muke haya, in ya kusa cika in goge mafi tsufa. Tsarinmu ke nan gaba ɗaya. Na rubuta wannan ne don wanda aka ɗora wa irin aikin nan ya san ƙofofin da zai ƙwanƙwasa da abin da zai riƙe a hannu kafin ya je, domin ni sai da na yi kusan wata biyu ina kai da kawowa.

Abin ya fara ne a wani daren Alhamis a 2024. Wajen ƙarfe biyu wayata ta yi ƙara, na duba na ga log ya daina shiga. Elasticsearch yana da iyaka: idan diski ya kai kashi 95 cikin ɗari sai ya hana rubutu don ya kare kansa. Cikin magagin barci na yi abin da na saba, na goge na kwana ashirin mafi tsufa, rubutu ya dawo, na koma na kwanta. Sati uku bayan haka sai ga Hajiya, shugabar sashen bin ƙa'ida, a bakin teburina da takarda. Wani wakili ya kawo ƙorafi cewa an canza lambar asusun da ake tura masa kuɗinsa ba da saninsa ba, kimanin wata uku da suka wuce. A rumbun bayanai ana ganin an yi canjin, amma wane ma'aikaci ne ya shiga, daga wace na'ura, da ƙarfe nawa, duk wannan a log yake. Na bincika na ga ranar tana cikin kwanakin da na goge. Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Injiniya, wa ya ba ka izinin gogewa?” Na ce babu. Ta ce, “To wa ya ce a ajiye, kuma har zuwa yaushe?” Nan ma babu. Wannan shirun ya fi mini faɗa zafi, domin wakilin nan kuɗin cinikinsa ne, kuma amsar da yake nema ta taɓa zama a hannuna.

Washegari na tafi wajen akanta da niyyar a ƙara mini diski. A nan na fara gane cewa ban shirya ba. Ya tambaye ni nawa ake buƙata, na ce sai na lissafa. Na koma na auna: muna samar da log kimanin giga 40 a rana, kuma da yake Elasticsearch yana riƙe kwafi biyu, abin da ke zama a diski ya kai giga 80. Farashin diskin da muke haya a lokacin kusan dala 0.08 ne kowace giga a wata, wato tera 8 ɗin nan tana cin dala 640. Idan za a ajiye komai na shekara ɗaya a haka, giga 29,200 ke nan, fiye da dala 2,300 a wata. Idan shekara biyar ce, abin ya haura dala 11,000. A lokacin dala tana wajen naira 1,500, don haka na shekara ɗaya kaɗai ya kai naira miliyan uku da rabi duk wata. Akanta ya kalli takardar ya ce, “Malam, kuɗin shigarmu da naira yake, wannan kuma da dala. Kawo mini abin da doka ta wajabta, shi zan biya. Abin da ranka ke so kuma sai mu zauna.” Na fita ina jin haushi, amma gaskiya ya faɗa.

Na koma wajen Hajiya na ce ta ba ni lamba ɗaya. Ta ce shekara biyar, domin dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ce cibiyoyin kuɗi su ajiye bayanan hada-hada aƙalla shekara biyar bayan an kammala ta. Na ce shin wannan ya haɗa da layin da manhaja ke rubutawa cewa ta buɗe hanyar magana da rumbun bayanai, wanda take maimaitawa sau dubbai a awa? Ta ce ita ba ta san akwai irin wannan ba, a tunaninta log abu ɗaya ne. Nan ne tushen ruɗanin yake. Ita in ta ce log tana nufin shaida, ni in na ce log ina nufin duk abin da saba ta tofar. Muka yi shawarar rubuta wa lauyan kamfani. Kuskuren da na yi a wasiƙar shi ne na tambaye shi tsawon lokacin da za mu ajiye log, haka nan kawai. Muka jira kwana goma sha biyu, amsa ta zo shafi uku, kuma ba lamba ɗaya a ciki, uku ne masu jan juna. Akwai shekara biyar ɗin da Hajiya ta faɗa. Akwai sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda ya ce masu ba da sabis su ajiye bayanan zirga-zirgar sadarwa da na masu rajista na shekara biyu, kuma shawararsa ita ce mu ɗauka ya shafe mu. Sannan akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu. Biyu na cewa ajiye, ɗaya na cewa kada ka wuce gona da iri. Na kira shi na ce, “Barista, wanne zan bi?” Ya ce duka, domin kowace doka da irin bayanin da take magana a kai, kuma rarrabe bayanan aikina ne ba nasa ba.

Lamba ta huɗu ta fito ne daga oditan da ke duba mu kan ƙa'idar PCI DSS, wadda duk mai taɓa bayanan katin banki yake bi. Na samu minti ashirin da shi a waya bayan jiran sati guda. Sharaɗi na 10.5.1 ya ce a ajiye log ɗin tsaro aƙalla wata 12, kuma na wata uku na baya-bayan nan ya kasance ana iya bincikarsa nan take. Na tambaye shi me zai nema in ya zo. Ya ce abu uku: takardar tsari mai sa hannu, saitin da ke nuna ana bin takardar, sannan zai zaɓi wata rana da kansa ya ce a fito masa da abin da ya faru a cikinta. Ya ƙara da cewa zai duba ko wanda ke da iko a kan saba zai iya gyara log ko share shi ba a gane ba. Da ya faɗi haka sai na tuna daren Alhamis, lokacin da na share na kwana ashirin da umarni guda.

Daga nan ne aikin ya zama nawa na gaske. Na ɗauki sati guda ina auna giga 40 ɗin nan bisa inda kowane layi ya fito, ina tambayar kaina wace tambaya ce zai amsa kuma wa zai yi tambayar. Sai ya rabu uku. Giga 28 surutun manhaja ne, matakin DEBUG da INFO, wanda masu rubuta manhaja ke karantawa idan abu ya lalace. Giga 8 na tsaro ne: wa ya shiga, wa ya gaza shiga, wa ya yi amfani da `sudo` don ɗaukar cikakken iko a kan saba, wa ya canza saiti ko asusun wakili, da abin da katangar tsaro ta bari ko ta hana. Giga 4 kuma sawun hada-hada ne, wato yadda kowace buƙatar cire kuɗi ta tashi daga na'ura ta je banki ta dawo da amsa. Ashe kashi 70 cikin ɗari na abin da muke biya wa haya babu dokar da ta nemi a ajiye shi. Kuma shi ne ke cika diskin har ya ja a goge ɗan abin da doka ke nema, saboda duk a kwando ɗaya muke zubawa.

A cikin wannan binciken na ci karo da abin da ya fi tayar mini da hankali. Wata manhaja, idan banki ya dawo da kuskure, tana rubuta saƙon gaba ɗaya a DEBUG, da lambar wayar mai kati, wani lokaci har da cikakkiyar lambar katin. Da na samu kuɗin da na je roƙo ranar farko, da na tara wannan na shekara biyar, a wurin da ma'aikata goma sha ɗaya ke iya karantawa. Tun daga ranar na daina ganin ajiyewa da yawa a matsayin zaman lafiya. Muka gyara manhajar ta riƙa rufe tsakiyar lambar, muka share abin da ya riga ya shiga, Hajiya ta rubuta rahoton abin da aka gani da abin da aka yi.

Zama da masu rubuta manhaja shi ne mafi zafi, awa biyu muka yi. Na kawo shawarar kwana bakwai ga surutun manhaja, suka ce wata uku ko ba komai. Babbansu ya ce, “Oga, ranar da matsala ta taso ka ce ka goge, kai za ka yi wa manaja bayani.” Ban yi musu da baki ba, na buɗe tarihin binciken da aka yi a cikin log na wata biyu. Kusan duk bincike bai wuce kwana uku baya ba, mafi nisa kwana goma sha ɗaya, shi ma a kan wani kuskuren da ke fitowa lokacin daidaita lissafi da banki. Muka tsaya a kwana 14, da sharaɗin duk wanda ke bin wata matsala zai iya neman a kwafe masa na kwanakin da yake so kafin su goge. A ganina wannan tarihin binciken shi ne hujjar da ta fi kowace ƙarfi, kuma da na san da shi tun farko da ban ɓata kwanaki ina jayayya ba.

Batun ma'aunai, wato lambobin da Prometheus ke ɗauka na nauyin saba da yawan buƙatu da saurin amsa, ya zo da sauƙi domin odita bai nemi ko ɗaya ba. Su amfaninsu namu ne. Prometheus in ba a taɓa shi ba kwana 15 yake ajiyewa, mu ma a haka muka bar shi tun da aka kafa. Lissafinsa ba wuya:

```
bytes = retention_seconds * samples_per_second * bytes_per_sample
```

Muna da layin awo kusan 300,000, ana ɗauka duk daƙiƙa 15, wato awo 20,000 a daƙiƙa. Kowane awo yana cin bait ɗaya zuwa biyu, in an ɗauki biyu ya zama giga uku da rabi a rana. Tambayar da manaja ke yawan yi mini ita ce ko sabobinmu za su ɗauki cinikin Sallah, kuma ba ni da amsa sai kintace, domin na Sallar bara ya daɗe da gogewa. Don haka na so wata 13. Ajiye komai na tsawon haka zai ci fiye da tera ɗaya, alhali abin da nake so in gani bayan shekara bai wuce layi 500 ba: buƙatu nawa a minti, nawa suka gaza, tsawon jiran amsar banki, cikar diski. Na rubuta ƙa'idojin da ke tattara waɗannan duk minti ɗaya, na kafa ƙaramin Prometheus na biyu yana kwasar su kaɗai. Na wata 13 bai kai giga ɗaya ba. Babban kuma na ɗaga shi zuwa kwana 30:

```
--storage.tsdb.retention.time=30d
```

Abin lura a nan shi ne abin da ba ka tattara ba yau, ba za ka same shi baɗi ba. Na manta ban raba jiran amsa banki-banki ba, sai bayan wata huɗu na ƙara, kuma waɗancan watannin sun tafi ke nan.

Da na haɗa komai sai lissafin ya sauya kama. Surutun manhaja na kwana 14 ya zama giga 784 a diski. Na tsaro da sawun hada-hada, giga 12 a rana, na kwana 90 a Elasticsearch inda ake bincike nan take, giga 2,160. Jimla ba ta kai tera 3 ba, don haka diski mai tera 4 ya isa har da sarari, dala 320. Sannan a riƙa matse kwafin na tsaro da na hada-hada da `gzip` a tura S3, ma'ajiyar fayiloli ta Amazon, inda giga 12 ke komawa kusan 1.2. Na tsaro ya zauna shekara biyu, wanda ya cika sharaɗin odita da na lauya a lokaci guda, na hada-hada shekara biyar. Ko a ranar da ma'ajiyar ta cika maƙil ba za ta wuce giga 1,300 da 'yan kai ba, kuma ko a matakin S3 na yau da kullum, dala 0.023 kowace giga, kuɗin kusan dala 30 ne kawai a wata. Na maimaita lissafin sau uku don ban yarda ba. Shekara biyar ɗin da na ɗauka za ta karya kamfani, ashe ba ita ce mai tsada ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne riƙe komai a inda ake iya bincikarsa cikin daƙiƙa.

Da farko na yi niyyar jefa tsofaffin a Glacier Deep Archive, matakin S3 da ya fi kowane arha, kusan dala ɗaya kowace tera. Na fasa saboda dalili biyu. Fito da fayil daga can yana iya ɗaukar awa 12, kuma abin da za mu rage bai kai kuɗin man janareta na yini ɗaya ba. Na zaɓi Glacier Instant Retrieval ga duk abin da ya wuce kwana 90, domin ana karanta shi nan take. Wani abin da na gyara kafin ya cije ni shi ne girman fayil: rubutun da na fara yi yana tura ƙaramin fayil duk minti ɗaya daga kowace saba, alhali ana cajin kuɗin sauya mataki ne bisa yawan fayiloli, kuma a wannan matakin duk fayil ɗin da bai kai 128 KB ba ana lissafa shi kamar ya kai. Na mayar da shi fayil ɗaya a awa. Maganar hana gogewa kuma Object Lock ya magance ta. A yanayin `COMPLIANCE` babu mai iya share fayil kafin wa'adinsa, har mai babban asusu. Shi ya sa sai da na tabbatar babu lambar kati a cikin abin da ke tafiya can kafin in kunna, domin abin da ka kulle da kuskure haka za ka zauna da shi har wa'adi ya cika.

Takardar tsarin shafi biyu ce. Kowane rukuni da abin da ke cikinsa, inda yake zama, tsawon kwanakinsa, dalilin lambar, da wanda ke da alhakinsa. Hajiya ta sa aka ƙara sakin layi ɗaya da ban yi tunaninsa ba: idan akwai ƙorafi ko bincike ko shari'a a kan wani abu, a dakatar da gogewar duk abin da ya shafe shi har sai ta ba da izini a rubuce. Takardar ta bi ta teburin akanta, ya sa hannu a yini ɗaya da ya ga kuɗin ya sauko daga dala 640 zuwa wajen 350. A ofishin manaja ta kwana tara saboda ya yi tafiya. Ban taɓa saitin gogewa ba sai da ta dawo da sa hannunsa, ko da yake diski yana ta hawa ina kallo, domin na yi alƙawarin ba zan ƙara share komai da ra'ayin kaina ba.

Wata huɗu bayan haka, kafin zuwan odita, na roƙi Hajiya ta yi mini gwaji. Ta zaɓi rana da sunan wani ma'aikaci ta ce in faɗa mata abin da ya yi tsakanin tara da goma na safe. Na sauke fayilolin cikin minti kaɗan, na bincika, ban ga komai ba. Gabana ya faɗi, na ɗauka turawar ce ta gaza. Sai bayan kusan awa ɗaya na gane cewa sabobin suna rubuta lokaci da UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, sannan wata tsohuwar manhaja ita kaɗai tana rubutawa da agogon gida ba tare da ta nuna ba. Abin da nake nema yana cikin fayil ɗin ƙarfe takwas. Muka daidaita duka a kan UTC, muka rubuta haka a takarda. Gwajin ya kuma nuna saba ɗaya da ta yi kwana shida ba ta tura komai ba bayan an sake kunna ta, ba kuma wanda ya sani, domin ƙararrawarmu tana kuka ne idan diski ya cika, ba ta kuka idan log ya yi shiru. Na ƙara wadda ke kirana idan wata saba ta yi awa biyu ba ta aiko da fayil ba.

Ga wanda zai bi wannan hanya, kada ya je ofishin kowa sai ya auna abin da yake samarwa a rana kuma ya raba shi rukuni-rukuni. Da na yi haka tun farko, da wasiƙata ga lauya ta zama tambaya uku masu amsa a taƙaice, da akanta bai mayar da ni ba. Ya tambayi odita abin da zai nema ya gani da idonsa, ba abin da ƙa'ida ta ce kaɗai ba. Ya karanta ainihin layukan da ke cikin log ɗinsa kafin ya ƙara musu kwana ko ya kulle su. Lambobinmu kuma kada a kwafe su haka nan, domin kamfanin da ba ya taɓa kati ko kuɗin jama'a sharuɗɗansa daban ne.

Ranar da odita ya zo ya karanta takardar, ya duba saitin, sannan ya zaɓi wata Talata ta wata biyar baya ya ce a nuna masa duk wanda ya shiga sabar rumbun bayanai a ranar. Na fito masa da su cikin minti 25. Ya nemi in gwada share fayil ɗin a gabansa, na gwada, aka hana ni. Ya tambayi kwana shidan da suka ɓace, Hajiya ta miƙa masa rahoton da muka rubuta tun ranar da muka gano. Maganar wakilin nan kuwa, kamfani ya biya shi kuɗinsa daga aljihunsa, kuma har yau ba mu san wanda ya canza asusun ba.